Bashin Labari: Nazarin Watsi da Zaren Rayuwar Taurari a Zangon Ƙarshe na Fim Ɗin *Sherlock*

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da suka sa masu kallo da masu sharhi suka soki zango na huɗu na fim ɗin binciken laifuka mai dogon zango, *Sherlock*, wanda gidan talabijin na BBC ya nuna daga 2010 zuwa 2017. An bi fitowa goma sha uku na fim ɗin, aka ware abubuwan da zangunan farko suka ƙulla game da taurari, sannan aka duba yadda zangon ƙarshe ya yi da su. Nazarin ya gano cewa ba mantawa da taurarin aka yi ba. Abin da ya faru shi ne an shafe sakamakon ayyukansu, an sauya asalin wasu al'amuran da aka riga aka kafa, an kuma bar wani ƙullin ba warwara. Maƙalar ta nuna cewa irin wannan aibi ya fi ciwo a labarin bincike, domin shi ne nau'in da ke horar da mai kallo a kan cewa kowace alama tana da ma'ana.

Fitilun Kalmomi: dogon zango, zaren rayuwar tauraro, labarin bincike, ƙulli, warwara

1.0 Gabatarwa

Steven Moffat da Mark Gatiss ne suka ƙirƙiri *Sherlock*. Sun ɗauko shahararren mai binciken nan na labaran Arthur Conan Doyle, suka dasa shi a birnin Landan na wannan zamani. Benedict Cumberbatch ya fito a matsayin Sherlock Holmes, Martin Freeman kuma a matsayin abokinsa, likita John Watson. An yi zango huɗu a 2010 da 2012 da 2014 da 2017. Kowane zango fitowa uku ne, kowace fitowa tana ɗaukar kimanin minti 90, sai kuma fitowa ta musamman guda ɗaya a farkon 2016.

Zango biyun farko sun sha yabo. Na huɗu kuwa ya raba kan jama'a. Fitowarsa ta farko, ranar 1 ga Janairun 2017, ta samu masu kallo kimanin miliyan 8.1 a daren da aka nuna ta a Birtaniya. Ta ƙarshe, ranar 15 ga watan, ta tsaya a kimanin miliyan 5.9, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a tarihin fim ɗin. Ba a ɗora wa labarin laifin wannan faɗuwa kacokan, domin an saci kwafin fitowar mai fassarar Rashanci an watsa a intanet kafin ranar. Sai dai akwai ƙorafin da ya yi ta maimaituwa, wato cewa mutanen da aka kwashe shekaru ana ginawa an sake su a hanya. Wannan ƙorafi ne maƙalar ta ɗauka domin ta auna shi da abin da ke cikin fim ɗin.

2.0 Zaren Rayuwar Tauraro da Bashin Labari

Abin da ake nufi da zaren rayuwar tauraro a nan shi ne sauyin da hali ko matsayin tauraro ke yi daga farkon labari zuwa ƙarshensa, ta dalilin abubuwan da suka same shi ko waɗanda ya aikata. Zaren yana da gaɓa uku. Da farko ana nuna rauni ko burin tauraron. Daga nan wani al'amari ya jarraba shi. A ƙarshe a ga abin da jarrabawar ta bari a jikinsa. Duk lokacin da marubuci ya kawo gaɓa ta biyu, ya ci bashin ta uku. Hanyar gane zaren da aka yi watsi da shi kuwa ita ce a nemi wurin da aka biya bashin a allo. Idan babu shi, ko aka sallame shi da jumla guda, to zaren ya tsinke.

Mai karatun Hausa ya saba da wannan ƙa'ida. A littafi na farko na *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, labaran aku suna iya zuwa su wuce kowanne da kansa, amma makircin Waziri bashi ne, kuma littafin bai rufe ba sai da asirinsa ya tonu aka yi masa hukunci, aku ya samu sakamakon hidimarsa.

A labarin bincike bashin ya fi nauyi. Tun a 1929 marubuci Ronald Knox ya jera ƙa'idoji goma na wannan nau'i, daga ciki har da cewa mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma kada mai bincike ya ɓoye wa mai karatu alamar da ya gani. *Sherlock* ya kai wannan horo maƙura. Yakan rubuta alamomi a kan allo: tabon laka a ƙafa, zoben da ciki ya goge waje ya yi datti. Wanda aka koya wa karanta zobe ba zai kasa lura da mutumin da ya yi kisa jiya, yau kuma ya tashi kamar ba a yi ba.

3.0 Shafe Sakamako: Kisan Magnussen

Misali mafi bayyana yana kan iyakar zango na uku da na huɗu. A fitowar *His Last Vow* ta Janairun 2014, abokin gaba shi ne Charles Augustus Magnussen, mai gidan jarida wanda ke riƙe manya ta hanyar sirrinsu. Ya san cewa Mary, matar John, tsohuwar makashiyar haya ce da ta sauya suna. Sherlock ya je gidansa da nufin karɓo takardun shaida, sai ya tarar babu wata takarda, duk bayanan a cikin kan mutumin suke. Dabara ta ƙare masa. A gaban yayansa Mycroft da jami'an tsaro ya ɗaga bindiga ya harbe Magnussen a ka.

Wannan ita ce jarrabawa mafi girma da aka yi wa tauraron. Mutumin da ke alfahari da cewa ba ya bin zuciya ya yi kisa saboda ƙaunar abokinsa, kuma ya yi shi ne bayan basirarsa ta gaza. Fitowar ta amince da nauyin abin, domin an yanke a tura shi wani aikin leƙen asiri a Gabashin Turai wanda Mycroft ya ƙiyasta ba zai wuce wata shida a raye a cikinsa ba. Ya yi ban kwana da John, jirgi ya tashi. Bayan minti huɗu aka kira shi ya dawo, saboda fuskar Moriarty, maƙiyin da ya mutu tun zango na biyu, ta bayyana a allunan ƙasar baki ɗaya.

Masu kallo sun jira shekara uku domin ganin abin da kisan zai haifar. Zango na huɗu ya amsa a mintunansa na farko. Mycroft ya nuna wa wani ƙaramin kwamitin sirri hoton bidiyon kisan da aka gyara, yadda zai zama kamar wani jami'in tsaro ne ya yi harbin. Shi kuwa Sherlock yana zaune yana latsa waya yana cin biskit. Daga nan maganar ta mutu. Bai yi nadama ba, bai kare kansa ba, kuma John, wanda aka yi kisan dominsa, bai zauna da shi a kan batun ba.

Aibin a nan ba rashin hukuncin kotu ba ne, domin labari na iya nuna cewa masu uwa a gindin murhu suna tsallake shari'a, ya mai da hakan jigo. Aibin shi ne an share abin daga zuciyar tauraron kamar yadda aka share shi daga bidiyon. Illarsa kuma ta bi sauran zangon, saboda an koya wa mai kallo cewa duk wani tashin hankali ana iya janye shi. Haka kuwa aka ci gaba. Fitowa ta biyu ta rufe da harbin John a fuska, ta uku ta buɗe da bayani a taƙaice cewa allurar sa barci ce. Gurneti ya tashi a ɗakinsu na titin Baker, suka yi tsalle ta tagar bene, a fage na gaba sai ga su garau.

4.0 Mary da John: Mutuwar da Ta Rufe Tambaya

Zaren Mary ya fi na kowa sarƙaƙiya. A zango na uku ta harbi Sherlock a ƙirji domin ɓoye asirinta. Da abin ya tonu, ta ba John wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai mai ɗauke da tarihinta. Bayan watanni na gaba da juna, ya jefa ta a wuta ba tare da ya karanta ba. Tambayar da aka bari ita ce ko aure zai ɗore a kan yafiyar abin da ba a sani ba.

Fitowar *The Six Thatchers* ta fara kamar za ta amsa. An bayyana cewa Mary ɗaya ce daga cikin 'yan bindigar haya huɗu da aka ci amanarsu a wani aikin ceto a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Tbilisi, kuma ɗaya daga cikinsu, Ajay, yana farautarta bisa zaton ita ce ta sayar da su. Amma kafin ma'auratan su fuskanci juna da gaske, sai aka gano maciyar amanar, wata tsohuwar sakatariya mai suna Vivian Norbury. Sherlock ya yi ta caccakarta da magana har ta harba bindiga, Mary ta yi tsalle ta tare masa harsashin. Tana baƙin mutuwa ta nemi gafarar harbin da ta yi masa, ta nuna yanzu an yi kunnen doki.

A lissafi bashin ya biyu, harsashi ya tafi a madadin harsashi. A zube kuwa an kauce wa tambayar ne, domin wadda ta mutu ba a tuhumarta. Daga nan Mary ta koma murya a faifan bidiyo da ta bari, tana ba mazan biyu umarnin yadda za su shirya. Macen da aka gina da wayo da haɗari ta zama kayan gyaran abotar wasu, kuma wannan na daga cikin abubuwan da masu sharhi suka fi kama wa.

Shi ma John an sauya shi ba tare da shimfiɗa ba. Mutumin da zango uku suka kafa a kan amana sai ga shi yana musayar saƙonnin waya a ɓoye da wata mata da ya haɗu da ita a motar haya, alhali matarsa na jego. A fitowa ta biyu ya yi wa Sherlock dukan kawo wuƙa a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti, har da shuri yana kwance. Adalci ne a ce maganar saƙonnin an biya ta, domin ya yi iƙirari da kuka a ƙarshen fitowar, kuma fagen yana cikin mafiya kyau a zangon. Dukan kuwa ba a sake waiwayarsa ba. A fitowar ƙarshe, mai takabar da ke da jaririya ya bi abokinsa zuwa tsibiri mai haɗari, batun 'yarsa Rosie bai zama abin da ke auna shawararsa ba.

5.0 Sauya Asali: Eurus

Fitowar ƙarshe, *The Final Problem*, ta tsaya ne a kan wata sabuwar tauraruwa, Eurus, ƙanwar Sherlock da aka tsare tun tana yarinya, wadda shi kansa ya manta da ita. Ta fi yayyenta basira, tana iya juya tunanin duk wanda ya yi magana da ita, har ta mallake gidan kurkukun Sherrinford da ke wani tsibiri.

Ba za a ce ba a yi shuka ba sam. A zango na uku Mycroft ya yi wani zance da ke nuna akwai wani ɗan'uwa na uku, an kuma sha ambaton Redbeard, wanda aka nuna a tunanin Sherlock a matsayin karensa na yarinta. Sai dai warwarar ba ta girbe shukar ba, tumɓuke ta ta yi. An ce Redbeard ba kare ba ne, wani yaro ne abokinsa, Victor Trevor, wanda Eurus ta jefa a rijiya, zuciyar Sherlock kuma ta mai da shi kare don ta iya jurewa. Alamar da aka nuna wa mai kallo da idonsa ita ce aka ce ƙarya ce, ba tare da an ba shi hanyar ganewa ba. Wannan ya saɓa wa yarjejeniyar labarin bincike.

Sauyin ya kuma ci zare biyu. Na farko shi ne Moriarty. Bayyanar fuskarsa ce ta dawo da Sherlock daga gudun hijira, aka kuma ɓata fitowar musamman ta 2016 wajen tabbatar da cewa ya mutu amma ya bar shiri. Shirin ya ƙare a wasu gajerun bidiyoyi da ya ɗaukar wa Eurus bayan ganawar minti biyar. Babban maƙiyi ya koma ɗan aike. Na biyu shi ne Sherlock kansa. Zangunan farko sun nuna sanyin zuciyarsa a matsayin hali da yake zaɓa, wanda hulɗa da mutane ke narkarwa sannu a hankali. Yanzu an mai da shi ciwon yarinta da ke da musabbabi guda. Abin da John da sauran suka yi shekaru suna yi ya rage daraja, tunda makullin yana cikin rijiya tun farko.

6.0 Ƙullin da Aka Bari: Molly Hooper

Molly ma'aikaciyar ɗakin binciken gawa ce, kuma ba ta cikin labaran Doyle. Zarenta ƙarami ne amma a miƙe yake. Ta fara a matsayin mai son Sherlock cikin kunya yana amfani da ita. A zango na biyu ta mayar masa da martani da ya wulaƙanta ta a gaban mutane, har ya ba ta haƙuri, sannan ita ya nema da zai shirya mutuwar ƙarya. A na uku ta kai ga sharara masa mari saboda shan ƙwaya. Tafiya ce daga rauni zuwa mutunci.

A fitowar ƙarshe Eurus ta ce za ta tarwatsa gidan Molly cikin minti uku idan Sherlock bai sa ta furta masa kalmar so ta waya ba. Molly, wadda ba ta san dalili ba, ta ƙi, sannan ta ce sai ya fara faɗa. Ya faɗa, ta faɗa cikin ƙunci. Daga baya aka ce babu bam ɗin ma. Fagen yana da ƙarfi, kuma ya nuna illar abin a kan Sherlock, wanda ya farfasa akwatin gawa da hannunsa. Ita kuwa da aka tozarta ba a koma kanta ba. Ba a ga an yi mata bayani ba, ba a ga abin da ta yanke ba. Sai a jerin hotunan rufewa ta leƙo da murmushi na 'yan daƙiƙoƙi. An dawo da ita inda ta fara domin a auna zuciyar wani.

7.0 Musabbabai

Abu uku ne suka haɗu. Na farko tsarin shiri ne. Zango mai fitowa uku ba ya da sararin zama a kan sakamako, ga kuma tazarar shekaru tsakanin zanguna yayin da jaruman biyu suka shiga manyan finafinan duniya. Tazarar ta ba masu kallo lokacin tsefe kowace alama, tsammaninsu ya yi ta hauhawa.

Na biyu ɗabi'ar marubutan ce ta rufe zango da babban tashin hankali, su buɗe na gaba da zamewa. Zango na farko ya rufe da bindiga da bam a bakin wurin iyo, na biyu ya warware shi da kiran waya. Faɗowar Sherlock daga saman asibiti an ba ta bayani uku ba tare da an tsayar da ɗaya sarai ba. Muddin akwai zango na gaba, mai kallo yana ɗaga ƙafa. Zangon ƙarshe ba shi da gobe, don haka duk masu bin bashi suka taru a ƙofarsa.

Na uku tushen labarin ne. A wurin Doyle taurari ba sa sauyawa sosai, kowane labari cin gashin kansa yake, matar Watson ma ta gushe ne da ɗan ambato. Marubutan fim ɗin sun gina zarurrukan da tushen bai tanada ba, sannan suka so rufewa da hoton asali, wato maza biyu a ɗakin titin Baker suna jiran mai kawo ƙara. Duk abin da bai shiga wannan hoto ba sai aka ture shi.

8.0 Kammalawa

Sukar tana da iyaka. Zare ɗaya ya kai gaci. A fitowar farko ta 2010 sufeto Lestrade ya bayyana Sherlock a matsayin babban mutum da wataƙila wata rana zai zama na kirki, a ta ƙarshe kuma ya tabbatar da cewa ya zama. Matsalar ita ce an sayi wannan cikar da zarurrukan Mary da Molly da Moriarty, da wani ɓangare na John.

Darasin ya shafi masu shirya finafinan Hausa masu dogon zango, inda ficewar jarumi ko tsawaita labari kan tilasta sauya akala. Ficewar Nafisa Abdullahi daga *Labarina* na Aminu Saira, wadda ta sa aka miƙa matsayin Sumayya ga wata jarumar, ta nuna yadda abin da ke bayan kyamara ke taɓa zaren tauraro. Abin da nazarin *Sherlock* ya nuna shi ne mai kallo yana iya yafe sabon maƙiyi ko warwarar da ba ta gamsar ba, amma yana riƙe lissafin abin da aka yi wa mutanen da ya saba da su. Kafin a rubuta zangon ƙarshe, ya kamata a jera kowane kisa da cin amana da furuci da aka nuna a baya, a ware wa kowanne fagen da za a ga abin da ya haifar.